Diyyar jinkiri ko tara: wanne za ka rubuta a yarjejeniyar gininka?

Kusan duk mai gini da ya taɓa shan wuya a hannun ɗan kwangila, idan ya zo sa hannu a sabuwar yarjejeniya, magana ɗaya yake fara yi: a rubuta kuɗi mai tsoratarwa a kan kowace ranar da aka makara. Na zauna da wani Alhaji mai shirin gina jerin shaguna, ya ɗora yatsa a kan gurbin da aka bari a takardar ya ce, "Rubuta miliyan biyar kullum. Ba kuɗinsa nake so ba, so nake ya kasa barci." Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan maganar da ka faɗa ita ce ainihin abin da lauyansa zai so ya ji a gaban alƙali."

Abin da ke gaban mai gini a wannan gurbi hanyoyi uku ne. Ta farko, ƙayyadaddiyar diyya: a zauna tun kafin a fara aiki a ƙiyasta asarar da jinkiri zai jawo, a rubuta adadinta a mako ko a rana. Ta biyu, tara: adadin da bai da alaƙa da asara, an sa shi ne don horo da razanarwa. Ta uku, a yi shiru, kada a rubuta komai, idan an makara mai gini ya je ya tabbatar da asararsa da hujja. Maganar da zan yi ta shafi ƙasashen da suka gaji dokar Ingila, irin su Nijeriya da Gana, shi ya sa shari'o'in da zan ambata na Birtaniya ne. Su ne tushen da lauyoyinmu da alƙalanmu ke komawa gare shi.

Ma'aunin da za a auna su

Abu huɗu nake dubawa. Farashi, wato nawa sharaɗin zai ƙara wa kuɗin kwangilar tun daga farko, da nawa za a kashe kafin a karɓi kuɗin. Ƙarko, wato ko zai tsaya da ƙafarsa idan aka kai shi gaban alƙali ko mai sasanci. Sauƙi, wato ko za a iya aiki da shi ba tare da an tara shaidu da rasitai ba. Sai haɗari: idan abu ya lalace, wa zai kwana ciki?

Don kada maganar ta tsaya a sama, ga misalin da za mu bi har ƙarshe. Lambobin na misali ne, na daidaita su don lissafi ya yi sauƙi. Shaguna 26, bene hawa ɗaya, kuɗin kwangila naira miliyan 260, wa'adi wata 12. Kowane shago ana sa ran hayarsa miliyan 2 a shekara. Ɗan kwangila ya makara da mako 10.

Ƙayyadaddiyar diyya

Ana fara ta da biro da takarda ne, ba da fushi ba. Hayar shaguna 26 a shekara miliyan 52 ce, idan aka raba ta mako 52 ta zama miliyan 1 a mako. Injiniya da mai zanen gini da ke sa ido a kan aikin za a ci gaba da biyansu muddin ba a gama ba, a ce naira 200,000 a mako. Masu gadi, inshora da hayar wurin ajiye kaya, a ce 100,000. Jimla miliyan 1.3 a mako. Wannan rabin kashi ɗaya ne cikin ɗari na kuɗin kwangilar, kuma bai yi nisa da abin da aka saba gani a takardun ayyukan da Bankin Duniya ke ɗaukar nauyi ba, inda ake sa tsakanin kashi 0.05 zuwa 0.10 cikin ɗari a rana. Galibi ana yi masa rufi da kashi 10 cikin ɗari na kuɗin kwangila. A misalinmu rufin miliyan 26 ne, wato jinkirin mako 20. Bayan nan diyya ta daina hauhawa, abin da ya rage wa mai gini shi ne ya duba ko lokacin soke kwangilar ya yi.

Wani kuskure da ake yawan yi a wannan lissafi shi ne a ƙirga abu ɗaya sau biyu. Idan da hayar za ka biya bashin banki, ba za ka sa hayar gaba ɗaya ba sannan ka sake ɗora kuɗin da banki ke caja a kai. Takardar da aka yi lissafin a kanta kuma a adana ta, da kwanan wata, a aika wa ɗan kwangila kwafi kafin sa hannu. Ranar rigima, wannan 'yar takarda ta fi dogon jawabin lauya amfani.

Ta fuskar ƙarko, nan ne ƙarfinta yake. Ma'aunin da aka daɗe ana bi ya fito ne daga shari'ar kamfanin taya na Dunlop da New Garage, wadda aka yanke a 1914 a majalisar dattawan Birtaniya, kotun ƙoli ta wancan zamani. Alƙali Dunedin ya ce abin da ake nema shi ne ko adadin ƙiyasi ne na gaskiya na asarar da za a iya yi, kuma ana auna wannan da yadda abubuwa suke ranar da aka ƙulla yarjejeniya, ba ranar da aka karya ta ba. Ma'anarsa ita ce ko da daga baya ta bayyana cewa shaguna 15 kawai suka sami masu haya, miliyan 1.3 ɗin nan tana nan daram. Mai gini ba sai ya kawo rasit ko ɗaya ba. Nauyin hujja yana wuyan ɗan kwangila, shi zai nuna cewa adadin tara ne.

Kuma alƙalai ba sa saurin yarda da shi. A 2005, a shari'ar Alfred McAlpine da Tilebox kan wani ginin ofisoshi a Guildford, kamfanin gini ya nemi a soke diyyar fam 45,000 a mako. Alƙali Jackson ya ƙi. Ya ce ba sai ƙiyasin ya zama daidai cif ba, ya isa ya zama mai ma'ana, kuma dole a sami tazara babba tsakaninsa da asarar da ake iya hasashe kafin a kira shi tara.

Akwai tambayar da ake yawan yi mini: ginin da ba ya kawo kuɗi fa, kamar masallaci, makaranta, asibitin gwamnati ko hanya? Ɗan kwangila zai iya cewa ai ba wanda ya yi asarar kwabo. An amsa wannan tun 1904. Gwamnatin Sifen ta ba kamfanin Clydebank na Sukotland kwangilar ƙera jiragen ruwan yaƙi huɗu, da sharaɗin fam 500 a mako a kan kowane jirgin da ya makara. Suka makara, kuɗi ya taru ya kai fam 67,500. Kamfanin ya kawo hujjar cewa jirgin yaƙi ba ya kawo riba, har ma ya ce da an kai su a kan lokaci da sojan ruwan Amurka sun nutsar da su tare da sauran a yaƙin 1898. Kotu ta yi watsi da wannan, ta sa suka biya. Wahalar auna asara ita ce ma dalilin da ya sa ake ƙayyade ta tun farko.

To ina haɗarinta? Yana wuyan mai gini, kuma mutane da yawa ba su sani ba. Ƙayyadaddiyar diyya wuƙa ce mai baki biyu: abin da aka rubuta shi za ka karɓa ko asararka ba ta kai ba, shi za ka karɓa kuma ko ta ninka shi sau goma. A wata shari'a da aka yanke a farkon shekarun 1930, kamfanin Widnes Foundry ya makara da mako 30 wajen kafa wa Cellulose Acetate Silk wata masana'anta. Asarar da masu masana'antar suka nema ta kai fam 5,850, amma yarjejeniya ta ce fam 20 a mako. Fam 600 suka samu. A ƙasar da darajar kuɗi ke zubewa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wanda ya rubuta adadi a farkon 2023 ya zo karɓa a ƙarshen 2024 ya san abin da nake nufi. Kotu ba za ta ƙara maka ba don naira ta faɗi, saboda haka in aikin mai tsawo ne, a yi ƙiyasin da hayar da ake sa ran samu a lokacin kammalawa, ba ta ranar sa hannu ba, a kuma rubuta dalilin.

Ga ɗan kwangila kuwa, wannan rufi alheri ne. Ya san iyakar abin da zai iya rasawa, don haka ba ya buƙatar cusa kuɗi mai yawa a farashinsa don kare kai.

Tara

Mu koma ga miliyan biyar ɗin Alhaji. A mako miliyan 35 ke nan, kusan ninki 27 na asarar da muka lissafa. Cikin mako 8 ta kai miliyan 280, ta zarce kuɗin ginin gaba ɗaya. Wato ɗan kwangila ya gina maka shaguna kyauta, ya kuma bi ka da ciko. Babu alƙalin da zai kalli wannan ya kira shi ƙiyasi.

Alamomin da Dunedin ya bayar suna da sauƙin ganewa. Adadin da ya wuce hankali idan aka gwada shi da mafi girman asarar da za a iya tunani, tara ne. Idan laifin rashin biyan kuɗi ne kawai, aka ce a biya abin da ya fi kuɗin, tara ne. Idan kuma adadi ɗaya aka sa a kan laifuffuka iri-iri, manya da ƙanana, ana ɗaukarsa tara har sai an nuna akasin haka. Wannan na ukun shi ne ya fi kama masu rubuta yarjejeniya da kansu. Sai ka ga an rubuta cewa duk sharaɗin da ɗan kwangila ya saɓa zai biya miliyan 20. Rashin share baraguzai a bakin ƙofa da rashin zuba dakin, farashinsu ɗaya ke nan? Wannan kaɗai ya isa ya rusa sharaɗin.

Sauya suna ba ya ceto. Ka rubuta "diyya" sau goma, alƙali zai duba cikin abin ne. Haka nan akasinsa: a shari'ar Widnes da na ambata, kalmar tara ce a rubuce a takardar, amma kotu ta ce ƙayyadaddiyar diyya ce.

A 2015 kotun ƙolin Birtaniya ta sassauta ma'aunin, a hukuncin da ta haɗa shari'ar Cavendish da Makdessi da ta ParkingEye da Beavis. Ta biyun kan wurin ajiye mota ce: awa biyu kyauta, wanda ya wuce ya biya fam 85. Beavis, mai motar, ya wuce da kusan awa guda, ya ce kamfanin ParkingEye mai kula da wurin bai yi asarar komai ba. Kotu ta yarda ba asara, amma ta ce kamfanin yana da halastacciyar buƙata ta hana mutane mamaye wurin, kuma fam 85 bai wuce kima ba. Sabuwar tambayar ita ce: shin nauyin da aka ɗora wa mai laifi ya zarce, ta yadda ba gwadi, duk wata halastacciyar buƙatar ɗaya ɓangaren? Da wannan, niyyar hana makara ba ta isa ita kaɗai ta kashe sharaɗi ba.

Kada mai gini ya yi saurin murna. Na farko, hukuncin kotun Birtaniya ba ya ɗaure alƙalin Nijeriya. Zai iya karɓarsa a matsayin shawara mai nauyi, zai iya tsayawa a kan Dunlop. Na biyu, ko a ƙarƙashin sabon ma'aunin, horo zalla ba halastacciyar buƙata ba ce. Abin da ya buɗe shi ne ƙofar ƙara wani abu mai dalili a kan asarar da ake iya ƙirgawa. Makarantar da dole ta buɗe kafin sabon zango, ko masaukin da aka gina don wani taro mai tsayayyar rana, suna da hujjar sa adadin da ya ɗan haura. Ninki 27 bai shiga wannan ƙofa ba.

Me ke faruwa idan kotu ta ce tara ce? Ba ta rage adadin zuwa abin da ya dace. Ajiye sharaɗin take yi gefe, sauran yarjejeniyar ta ci gaba, mai gini kuma ya koma ya tabbatar da ainihin asararsa kamar wanda bai rubuta komai ba. Idan ya riga ya cire kuɗin daga abin da ɗan kwangila ke binsa, sai ya mayar da abin da ya haura asarar da ya iya tabbatarwa. Garin neman ƙiba an samo rama.

Farashinta ma ba arha ba ne. Ɗan kwangila mai hankali da ya ga irin wannan sharaɗi, ko dai ya ɗaga farashi ko ya ƙara wa'adi ko ya tattara takardunsa ya tafi. Wanda zai sa hannu ba gardama iri biyu ne: wanda bai karanta ba, da wanda lauyansa ya riga ya gaya masa sharaɗin ba ya cizo. Ni a ganina na biyun ya fi haɗari.

Yin shiru

Idan ba a rubuta komai ba, haƙƙin mai gini bai faɗi ba. Zai iya neman diyyar duk asarar da jinkiri ya jawo, ba rufi. Amma sai ya tabbatar da ita, kuma tun shari'ar Hadley da Baxendale ta 1854 ƙa'idar ita ce asarar da ake biya ita ce wadda ta saba biyo bayan irin wannan saɓawa, ko wadda ɓangarorin biyu suka san da ita lokacin ƙulla yarjejeniya. A misalinmu, idan shaguna 15 ne kawai ke da masu haya a rubuce, hayar da za a iya nunawa cikin sauƙi kusan naira 577,000 ce a mako, sauran sai an sha gardama. Ga kuɗin lauya, ga shekarun da shari'a ke ci.

Akwai tarko a nan da ya kamata a sani. Yin shiru daban, rubuta "babu" a gurbin adadi daban. A shari'ar Temloc da Errill ta 1987, an yi amfani da takardar JCT, wato shiryayyar takardar kwangilar gini da aka saba amfani da ita a Birtaniya, aka rubuta babu a gurbin diyyar jinkiri. Mai ginin ya ɗauka hakan ya bar masa damar neman cikakkiyar asara. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce a'a, kun ƙayyade diyya, kun ƙayyade ta a kan sifiri. Ya tashi a tutar babu. Wanda ke son ya bar ƙofar cikakkiyar diyya a buɗe, ya soke sashen gaba ɗaya, ya rubuta ɓaro-ɓaro cewa haƙƙinsa na neman asara yana nan.

| Ma'auni | Ƙayyadaddiyar diyya | Tara | Shiru |
|---|---|---|---|
| Farashi a farko | Ƙari kaɗan, ɗan kwangila ya san iyaka | Ƙari mai yawa, ko nagari su gudu | Ya danganta. Babban kamfani zai sa kuɗin kariya |
| Kuɗin karɓa | Kaɗan, ana cirewa daga biya | Shari'a biyu: kare sharaɗi, sannan tabbatar da asara | Shari'a mai tsawo |
| Ƙarko a kotu | Mai ƙarfi, in da lissafi da sashen ƙarin lokaci | Rarrauna | Ba sharaɗin da za a rusa |
| Sauƙi | Ba a buƙatar rasit | Sauƙin rubutawa kawai | Kowane kwabo sai hujja |
| Haɗari | Asara ta iya zarce adadin | Mayar da kuɗin da aka cire | Kasa tabbatar da asara |
| A misalinmu, a mako | Miliyan 1.3 | Miliyan 35 a takarda | Abin da aka iya nunawa |

Inda gizo ke saƙar

Duk abin da na faɗa a kan adadi gaskiya ne, amma a ƙwarewata ba yawan adadi ne ya fi kashe wannan sharaɗi ba. Mai ginin ne da kansa.

A misalinmu an makara da mako 10. Da aka bi diddigi, bayan an zuba dakin Alhaji ya zagayo da abokinsa, abokin ya ce ai matattakalar ta cinye wurin shago guda, a mayar da ita baya. Aka tsaya jiran sabon zane mako 3, aka fasa abin da aka gina, aka sake, mako 1. Mako 4 na mai gini ne, mako 6 na ɗan kwangila.

Doka ta ce wanda ya hana ka cika alkawari ba zai ci tararka a kan rashin cikawa ba. Idan yarjejeniya tana da sashen ƙarin lokaci da ya ƙunshi jinkirin da mai gini ya jawo, kuma aka yi aiki da shi, sai a matsar da ranar kammalawa da mako 4, a ƙirga diyya daga sabuwar rana: mako 6 sau miliyan 1.3, miliyan 7.8. Idan babu wannan sashe, ko yana nan bai ƙunshi laifin mai gini ba, to ranar kammalawa ta faɗi gaba ɗaya. Ɗan kwangila ya koma kan wajibin gamawa cikin lokaci mai ma'ana, kuma tunda babu ranar da za a fara ƙirga, babu diyyar jinkiri ko ta mako ɗaya, har da makonni 6 da laifinsa ne. Sai dai mai gini ya bi doguwar hanyar tabbatar da asara.

Haka ta faru a shari'ar Peak da McKinney a 1970, kan ginin gidajen bene na hukumar birnin Liverpool. An gano matsala a turakun harsashi, aiki ya tsaya mako 58, kuma kaso mai yawa na wannan lokaci hukumar ce ta ɓata shi wajen yanke shawarar yadda za a gyara. Sashen ƙarin lokacin da ke takardar bai ƙunshi irin wannan jinkiri ba, diyyar ta rushe.

Shi ya sa nake mamakin masu gini da ke cewa a cire sashen ƙarin lokaci don kada ɗan kwangila ya sami mafaka. Wannan sashe kai yake karewa. Kuma a wurinmu, inda canza zane a tsakiyar aiki da jinkirin miƙa fili da makarar kuɗin kafin alƙalami suka zama ruwan dare, ya kamata a lissafa su ɗaya bayan ɗaya a cikinsa, a rufe da cewa da duk wani cikas da ya fito daga mai gini ko wakilansa.

Bayan wannan sai bin matakai. A takardun JCT, kafin a cire kuɗi sai an fitar da satifiket na rashin kammalawa, sannan mai gini ya ba da sanarwa a rubuce. Wanda ya tsallake waɗannan ya zare kuɗi kawai, shi ya zama mai saɓa yarjejeniya. A takardun FIDIC kuwa, wato shiryayyun takardun kwangila na ƙungiyar injiniyoyi masu ba da shawara ta duniya, diyyar jinkiri tana sashe na 8.7 a bugun 1999, na 8.8 a bugun 2017, kuma ɗan kwangila yana da kwana 28 ya sanar da abin da ya tsayar da shi, in ba haka ba ya iya rasa haƙƙin ƙarin lokaci. 'Yan kwangilarmu da yawa a nan suke faɗuwa: an yi maganar a bakin aiki, an yi musabaha, ba wanda ya rubuta wasiƙa.

Sauran abu biyu a taƙaice. Idan za ka karɓi shagunan ƙasa ka zuba masu haya kafin a gama na sama, a rubuta yadda diyya za ta ragu daidai da abin da ka karɓa. Sharaɗin da lissafinsa ya kasa aiki a irin wannan hali ya taɓa rushewa, kamar a shari'ar Bramall da hukumar birnin Sheffield a 1983. Idan kuma ɗan kwangila ya gudu ya bar aiki aka soke kwangilar, kotun ƙolin Birtaniya a shari'ar Triple Point ta 2021 ta ce diyyar tana taruwa har ranar sokewa, abin da ya biyo baya sai a neme shi da hujja.

Wani zai tambaya ko sharaɗin ya halatta a addini. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyad a 2000, ta halatta shi a kan ɗan kwangilar da ya makara da aiki, ta hana shi a kan wanda ya makara da biyan bashi domin wannan riba ce. Ta kuma ɗaure shi da cutarwa ta haƙiƙa, ta ce ba ya hawa kan wanda abin da ya fi ƙarfinsa ya tsayar da shi, kuma alƙali na iya rage shi in ya wuce kima. Wanda kuma ke gini a ƙasar da ke bin tsarin Faransa, ya sani can hanyar daban ce: a dokar Faransa, tun 1975 alƙali yana da ikon rage adadin da ya wuce kima ko ƙara wanda ya yi ƙanƙanta ainun, maimakon ya ajiye sharaɗin gaba ɗaya.

Wanne ya dace da wa

Mai gina shaguna, otal, gidajen haya ko rumbun ajiya, wanda asararsa ke ƙirguwa da haya: ƙayyadaddiyar diyya a mako, da takardar lissafi, da rufin kashi 10, da sashen ƙarin lokaci mai faɗi.

Mai gina gidan kansa yana zaune a haya: ita ce dai, amma ƙarama. Hayar gidan da kake ciki da kuɗin ajiye kaya, a raba a mako. Idan magini ƙarami ne mai cin yau da na yau, kada a zare masa kuɗin a tsakiyar aiki har ya kasa sayen siminti. A bari sai biyan ƙarshe ko a cire daga kuɗin da aka riƙe.

Kwamitin masallaci, makaranta ko hukumar gwamnati: kaso cikin ɗari a rana, a cikin iyakar da aka saba, tare da 'yan layuka da ke bayyana abin da jinkiri zai jawo wa jama'a da kuɗin ci gaba da sa ido.

Mai aikin da ke da rana tsayayya, wanda makarar mako guda ke ɓata shekara: adadi mai ɗan nauyi, da dalilin a rubuce cikin yarjejeniyar, ko mai hawa mataki-mataki idan asarar ma haka take hawa. In abin da kake so shi ne ɗan kwangila ya yi sauri, ladan gamawa da wuri ya fi tara aiki, kuma ƙa'idar hana tara ba ta taɓa shi.

Mai masana'anta da asararsa za ta iya zama babba ƙwarai, kuma yana da littattafan da za su nuna ta: shi kaɗai ne yin shiru zai iya yi wa rana, in ya sami kamfanin da ya yarda ya ɗauki haɗari marar rufi, kuma yana da dukiyar da za a kama.

Ɗan kwangila da aka miƙo wa takarda mai tara: kada ka sa hannu da tunanin kotu za ta cece ka, domin kuɗinka yana hannun mai gini, zai cire, kai ne za ka yi shekaru kana bi. Ka nemi a nuna maka lissafin, ka nemi rufi, ka nemi a rubuta cewa wannan diyya ita kaɗai ce abin da za a bi ka a kan jinkiri, sannan duk ranar da aka tsayar da kai ka rubuta wasiƙa kafin ka bar wurin aiki.